Sanarwa ga Masu Haya: Tambayoyi da Amsoshi kan Wanke Tankunan Ruwa da Ɗauke Ruwa na Wucin Gadi

Assalamu alaikum. Ofishin kula da gida yana sanar da dukkan masu haya a ɗakuna 16 na wannan gida cewa za a wanke tankunan ruwa a ranakun Asabar 7 da Lahadi 8 ga Fabrairu 2026, kuma a dalilin haka za a ɗauke ruwan famfo na tsawon kwana ɗaya da yini. Muna ba ku haƙuri tun kafin ranar ta zo, domin mun san cewa gida mai yara da tsofaffi ba ya jin daɗin yini ɗaya babu ruwa, balle a haɗa da dare. Mun tattara tambayoyin da aka fi yi mana, da waɗanda muke ganin ya kamata a yi, muka amsa su a nan.

Yaushe za a ɗauke ruwan, kuma yaushe zai dawo?

Za a rufe ruwa da ƙarfe 7 na safiyar Asabar 7 ga Fabrairu, kuma za a buɗe shi da ƙarfe 6 na yammacin Lahadi 8 ga Fabrairu, wato awa 35 ke nan. Idan aiki ya yi sauri za mu buɗe kafin lokacin, amma muna roƙon kowa ya yi lissafinsa a kan ƙarfe 6 ɗin, kada ya dogara da fatan a gama da wuri.

Injin rijiyar burtsatse zai yi aiki ranar Juma'a 6 ga wata har zuwa sallar Isha'i domin kowa ya samu ya cika mazubansa, sa'an nan a kashe shi. Ruwan da ya rage a tankuna bayan nan naku ne, ku ɗiba har safiya, tun da duk abin da ya saura zubar da shi za a yi.

Me ya sa sai yanzu, alhali ruwan yana fitowa garau a famfo?

Ruwan da ke fita a famfo ba ya nuna halin da gindin tanki yake ciki, domin bakin bututun da ke ɗaukar ruwa zuwa ɗakuna yana sama da ƙasan tankin da kaɗan. Yashi da laka masu laushi da injin yake tahowa da su daga rijiya suna kwantawa ƙarƙashin wannan bakin, a hankali suna taruwa, ba wanda yake ganinsu sai ranar da tanki ya kusa ƙarewa aka kunna inji, ruwa ya zubo da ƙarfi ya dama su. Masu haya da dama sun kawo mana ƙorafin cewa a irin wannan safiya ruwa yakan fito ja-ja na ɗan lokaci, kuma wannan shi ne dalili.

Da muka hau muka duba a watan Janairu, mun tarar da laka mai kaurin yatsa uku a tankin ƙasa. Ɗaya daga tankunan sama kuma murfinsa ya tsage, ƙurar hunturu tana shiga, hasken rana yana ratsawa, har gansakuka ta fara kama bangonsa. Gansakuka ba ta tsira sai da haske, saboda haka ganinta a cikin tanki shaida ce cewa tankin a buɗe yake, kuma inda haske ya samu hanya, ƙadangare da kyankyaso da kashin tsuntsu ma za su samu.

Ya kamata a riƙa wanke irin waɗannan tankuna aƙalla sau ɗaya a shekara, wasu ma sukan yi duk wata shida. Mu kuwa mun wuce shekara ba mu yi ba. Wannan sakaci namu ne, ba na masu haya ba, kuma muna neman afuwa a kansa. Mun ga ya fi dacewa a gama aikin kafin azumi, wanda ake sa ran shigarsa a mako na uku na watan, domin ba ma son a ɗauke wa mai azumi ruwa, kuma bayan sallah zafin bazara ne zai kama.

Me ya sa aka zaɓi Asabar da Lahadi?

Mun guje wa Juma'a saboda wanka da shirin masallaci, mun kuma guje wa ranakun aiki saboda shirin yara zuwa makaranta da asuba. Mun san Asabar ce ranar wanki a gidaje da yawa, Lahadi kuma akwai maƙwabtanmu masu zuwa coci da safe, saboda haka babu ranar da ba ta taɓa wani. Muna ba da shawarar a yi babban wanki ranar Alhamis ko Juma'a.

Wanke tanki har ya ci awa 35? Me ake yi a cikin wannan lokaci duka?

Wannan ce tambayar da ta fi cancantar dogon bayani, domin gogewar kanta ba ta wuce awa biyar ba. Abin da ke cin lokaci shi ne cika tankuna sau biyu da kuma jiran magani ya yi aikinsa.

Gidan nan yana da tankin siminti a ƙasa mai cin lita 10,000, da tankunan roba huɗu a sama, kowanne mai cin lita 3,000, jimla lita 22,000. Injin rijiyarmu yana ba da kimanin lita 2,500 a awa, saboda haka cika su gaba ɗaya daga babu komai yana ɗaukar kusan awa 9.

Daga ƙarfe 7 zuwa 12 na ranar Asabar za a zubar da ragowar ruwa, a kwashe laka da hannu da bokiti, a goge bango da ƙasa da burushi mai tauri da ruwan sabulu, a ɗauraye har sai kumfa ta ɓace. Ba a tura lakar ta bututun ɗakuna, domin yin haka kwashe matsala ce daga tanki a zuba ta a famfonku. A wannan lokacin ne kuma za a sauya murfin da ya tsage, a sa raga a bakin bututun ambaliya domin sauro da ƙwari.

Gogewa tana cire dattin da ido yake gani, amma ba ta kashe ƙwayoyin cuta da ke maƙale a bango, musamman bangon siminti mai kaushi. Don haka daga ƙarfe 12 za a fara cika tankuna da ruwa, idan ruwa ya kai kwatan tanki a zuba garin kulorin mai ƙarfi da aka narkar a bokiti, sa'an nan a ƙarasa cikawa domin ruwan da ke zubowa ya gauraya shi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ita ce giram 80 na garin ga kowace lita 1,000, a bar shi awa 24, ko kuma a ninka maganin a bar shi awa 8. Mun zaɓi ta biyun domin rage muku wahala, wato giram 160 ga kowace lita 1,000. Kowane tankin sama zai sha giram 480, tankin ƙasa kuma kilo 1.6, jimla kimanin kilo uku da rabi.

Tankuna za su cika wajen ƙarfe 9 na dare, maganin ya kwana a ciki har ya cika awa 8 da asubar Lahadi. Daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe za a zubar da wannan ruwa a ɗauraye, sa'an nan a sake cikawa da ruwa mai kyau, wanda shi ma zai ci awa 9 ɗinsa. Idan aka lissafa, an kai ƙarfe 6 na yamma. Akwai masu wanke tanki da suke gogewa su yayyafa ɗan magani su cika nan take, su ce an gama kafin azahar. Wannan ya fi sauƙi ga kowa, amma a ganinmu wanda zai ɗauke wa mutane ruwa gara ya yi aikin da zai biya kuɗin sabulu.

Ruwa nawa ya kamata mu tanada?

Ku yi lissafin lita 30 ga kowane mutum a rana, don sha da girki da alwala da wanka da bokiti da kuma banɗaki, ban da wanki. Tun da ɗaukewar ta kwana ɗaya da rabi ce, kowane mutum yana bukatar kimanin lita 45. Gida mai mutum shida zai bukaci lita 270, wato jarka 11 mai cin lita 25, ko duro ɗaya mai lita 200 da jarka uku.

Banɗaki shi ne ya fi shan ruwa ba tare da an lura ba, domin kowace korawa tana tafiya da lita 6 zuwa 9. Idan aka riƙa tara ruwan wanka da na ɗaurayar kwanuka a bokiti ana kora masai da shi, lissafin zai ragu sosai. Ruwan sha kuma a ware shi a jarka mai tsabta mai murfi, a riƙa tsiyayawa maimakon tsoma kofi, kuma kada a yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ko maganin feshi, komai wankin da ta sha. Masu barin ruwa a baho ko babban bokiti su rufe shi su kuma kulle ƙofar banɗaki, saboda yaro mai rarrafe yana iya faɗawa cikin ruwan da bai kai gwiwa ba.

Idan ruwanmu ya ƙare kafin Lahadi da yamma fa?

Za mu haɗa famfo ɗaya kai tsaye daga rijiya a tsakar gida, kusa da ɗakin mai gadi. Zai yi aiki ranar Asabar daga ƙarfe 8 zuwa 12 na rana, da ranar Lahadi daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe, domin a waɗannan lokutan injin ba ya cika tankuna. Ruwan wannan famfo ba ya bi ta tanki, saboda haka babu maganin a cikinsa. Wanda ya fi son ya kira mai ga-ruwa yana iya yi, mai gadi zai buɗe masa ƙofa.

Gidan da ke da mara lafiya, ko mai jego, ko tsoho da babu mai ɗauko masa ruwa zuwa bene, ya sanar da ofis kafin ranar Alhamis 5 ga wata, za mu sa a kai masa jarkoki har ƙofar ɗaki ba tare da ya biya komai ba. Haka nan wanda yake da suna ko wani taro a waɗannan ranaku ya yi mana magana da wuri.

Ruwan maganin zai iya shigowa famfonmu?

Bai kamata ba, domin za a rufe bawul ɗin da ke ƙarƙashin kowane tankin sama a ɗaure shi tun safiyar Asabar. Hatsarin da muke tsoro shi ne wani ya ji ƙarar ruwa na zuba a tanki da yammacin Asabar, ya ɗauka an gama, ya hau ko ya aiki yaro ya buɗe. Muna roƙon kada kowa ya taɓa waɗannan bawul. Ruwan da ke cikin tanki a daren Asabar ya fi ruwan sha ƙarfin kulorin fiye da ninki ɗari, yana ƙona ido da maƙogwaro, yana kuma cin launin tufa.

Idan kuka ga ruwa ya zo a famfo kafin a sanar, kuma yana da warin bilic mai hawa kai, ku rufe famfon ku kira mai kula da gida. Wanda ruwan ya shiga idonsa ya wanke da ruwa mai tsabta na tsawon minti 15, wanda ya sha kuma kada a sa shi amai, a ba shi ruwa mai kyau a kai shi asibiti.

Ina za a zubar da ruwan maganin, kuma wannan ba almubazzaranci ba ne?

Za a bi da shi ta tiyo zuwa babbar kwata a hankali. Ba za a zuba shi a sokawe ba, domin zai cika ramin ya kuma kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a ciki. Kada a tare shi don ban ruwan shuka, ko shayar da kaji da awaki, ko wanki, ko zubawa a wurin kifi, domin kifi ba ya jure kulorin ko kaɗan ne.

Maganar almubazzaranci kuwa tana da gaskiya a cikinta, domin lita 22,000 ba ƙaramin ruwa ba ne a garin da mutane suke bin layi da jarka. Sai dai magani ba ya tsabtace wurin da bai taɓa ba, kuma idan ba a cika tanki har baki ba, saman bango da ƙarƙashin murfi za su zauna yadda suke. Abin da muka iya yi shi ne rage asarar farko ta hanyar kashe inji tun daren Juma'a.

Me ya kamata mu yi a cikin ɗakunanmu kafin a rufe ruwa?

Abu na farko shi ne hita. Duk mai hitar wanka ya kashe ta daga makunnin bango tun safiyar Asabar, kada ya kunna sai ya buɗe famfon ruwan zafi ya ga ruwa yana fita sosai babu tari, domin hitar da aka kunna babu ruwa a cikinta ƙarfenta yana ƙonewa cikin mintoci kaɗan. Injin wanki ma a bar shi a kashe.

Abu na biyu shi ne famfo. Yakan faru mutum ya murɗa famfo ya ga babu ruwa, ya tafi ya bar shi a buɗe, sai ruwa ya dawo yana kasuwa ko ya yi tafiya, ɗakinsa ya cika har ya zubo wa na ƙasa ta silin. Wanda zai fita ranar Lahadi, ko zai yi tafiya a ƙarshen makon, ya zagaya kicin da banɗaki ya tabbatar kowane famfo a rufe yake, ya kuma rufe babban bawul na ɗakinsa. Muna roƙon iyaye su tsare yara daga wajen tankin ƙasa, domin bakinsa zai kasance a buɗe da safiyar Asabar da ta Lahadi, ko da yake za mu kewaye shi da igiya.

Da ruwan ya dawo za mu iya sha nan take?

Ba za mu buɗe bawul ba sai mun gwada ruwan kowane tanki da ƙwayar gwaji, wadda take mayar da ruwa launin hoda gwargwadon kulorin da ke ciki. Abin da muke nema shi ne kada ya wuce rabin miligiram a lita ɗaya, wanda shi ne daidai ruwan famfo da aka sa wa magani. Tankin da ya wuce haka za a rage shi a ƙara masa ruwa a sake gwadawa.

Ku kuma a naku ɓangaren ku buɗe kowane famfo ya zuba na minti uku zuwa biyar kafin ku tara na sha. Za ku ji famfo yana tari yana feso iska, ruwan farko kuma yana iya fitowa da tsatsa ko ɗan yashi da ya ɓanɓaro daga bututu bayan ya bushe, kuma wannan ba alamar an yi aikin banza ba ce. Ruwan da ya fito fari kamar an ɗiga madara, idan aka zuba shi a kofin gilashi ya washe daga ƙasa zuwa sama cikin minti ɗaya, iska ce kawai. Ɗan warin kulorin zai iya kai kwana biyu, kuma wanda ba ya son sa ya tara ruwa a mazubi mai faɗin baki ya rufe da kyalle mai tsabta, zuwa safiya warin zai tafi.

Ya kamata mu faɗi iyakar wannan aiki. Wanke tanki ba ya wanke cikin bututun ɗakunanku, ba ya kuma canza ruwan da rijiya take bayarwa, saboda haka idan ruwan yana da ɗanɗanon ƙarfe ko yana barin farin tabo a tukunya, zai ci gaba da yi. Wanda ya saba tafasa ruwa ko tace shi, musamman don jarirai, ya ci gaba da yadda ya saba.

Maƙwabta sun samu ruwa, mu namu bai zo ba. Me ya faru?

Idan kuna bene na sama, mai yiwuwa iska ce ta toshe bututu. Ruwan gidan nan da nauyinsa yake saukowa daga tanki, don haka ɗakunan ƙasa sun fi samun ƙarfinsa, na sama kuwa da suke daf da tanki ba su da ƙarfin da zai kori iskar da ta tsaya a lanƙwasar bututu. Ku buɗe dukkan famfunan ɗakin lokaci guda na 'yan mintoci kuna tsaye a wurin, galibi iskar takan fita.

Idan kuma famfo ɗaya ne kaɗai yake ɗiga sauran suna zuba, ragar da ke bakinsa ce ta cika da yashi, sai a kwance ta a wanke a mayar. Kan shawa ma haka. Tukunyar masai da ta ƙi cika, ko ta ƙi daina zuba, yashi ne ya shiga bawul ɗinta. Mai gyaran famfo zai zauna a gidan daga ƙarfe 6 zuwa 9 na daren Lahadi, ya kuma dawo da safiyar Litinin 9 ga wata, kuma duk gyaran da wannan aiki ya jawo ofis ne zai biya.

Za a ƙara mana kuɗi saboda wannan aiki?

A'a. Kuɗin ma'aikata da magani da sabon murfi da man janareta duk daga kuɗin hidima na shekara za a fitar, kuma babu ma'aikacin da aka ba izinin karɓar ko sisi a hannun mai haya.

Idan aka ɗauke wuta, ko wani abu ya hana aikin?

Mun tanadi man janareta da zai isa cikawa biyun, saboda haka ɗauke wuta kaɗai ba zai tsawaita lokacin ba. Abin da zai iya jawo jinkiri shi ne inji ya lalace, ko a tarar da tsaga a tankin ƙasa bayan an kwashe laka, domin simintin gyara yana bukatar lokaci kafin a zuba masa ruwa. Idan tsagar ce aka tarar za mu haɗa rijiya kai tsaye da tankunan sama domin ruwa ya dawo a kan lokaci, a bar tankin ƙasa zuwa wani jiƙon.

Idan kuma dole ta sa aka ɗage aikin gaba ɗaya, za a yi shi ranakun Asabar 14 da Lahadi 15 ga Fabrairu a kan lokutan da aka ambata, kuma za mu sanar da ku kafin sallar Juma'a ta 6 ga wata domin kada ku cika jarkoki a banza. Mai ƙarin tambaya ya samu mai kula da gida a ofis daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma, ko ya kira lambar da ke manne a allon sanarwa na bakin ƙofa. Muna sake ba ku haƙuri a kan takurar da za ku shiga a waɗannan ranaku biyu, mun kuma gode da haɗin kanku.

Ofishin kula da gida